Wani ya buge maka mota, inshora ta biya: ina kuɗin da ka cika daga aljihunka?

Duk wanda ya yanki cikakkiyar inshorar mota, wadda ke gyara motarsa ko da shi ne da laifi, zai tarar da wani sharaɗi a takardarsa: idan aka yi haɗari, akwai wani kaso na kuɗin gyara da shi zai ɗauka, kamfani ya cika sauran. Masu harkar suna kiran wannan kaso eksas. Mutane kan haƙura da shi idan su suka yi ganganci. Abin da ke ƙona rai shi ne a buge ka kana tsaye a danja, sannan a ce sai ka cika wani abu. To, wannan kuɗin ana iya dawo da shi, kuma hanyar dawowarsa ta ratsa ta wani haƙƙi da kamfanin inshora ke da shi, wato maye gurbi.

Da zarar kamfani ya biya ka asararka, sai ya tsaya a matsayinka, ya bi wanda ya jawo ɓarnar ya karɓi abin da ya kashe. Haƙƙin naka ne tun asali, shi ya sa idan magana ta kai kotu da sunanka ake shigar da ƙarar, kamfanin ne dai ke ɗaukar lauya da ɗawainiya. Tushen abin kuwa shi ne, inshorar dukiya an yi ta ne don ta mayar da mutum inda yake kafin asara, ban da riba. Kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila ta tabbatar da wannan ƙa'ida a 1883 a shari'ar Castellain da Preston, kuma dokar inshora ta Najeriya daga can ta gaji wannan tsari. Ba za ka karɓi kuɗin gyara daga kamfani, ka sake karɓa daga wanda ya buge ka, ka haɗa duka a aljihu ba. Inshorar rai ba ta shiga wannan lissafi, domin ba a yi wa rai farashi.

Mu ɗauki misali. A ce wata Hajiya tana tsaye a danja a titin Zariya da ke Kano, wani mai mota ya zo ta baya ya murƙushe mata but da fitilu. Bakanike da mai fenti suka yi lissafi, gyara ya kama naira miliyan 2. Takardarta ta ce kashi 10 cikin 100 na kowace asara nata ne, don haka kamfani ya biya miliyan 1.8, ita ta cika dubu 200. Daga nan kamfaninta zai rubuta wa kamfanin inshorar wanda ya yi karon, ya haɗa da rahoton 'yan sanda, hotuna, ƙiyasin gyara da shaidar biya. Asarar da mutumin ya jawo miliyan 2 ce cif, kuma abin da ya dace a nema ke nan. Idan aka karɓo duka, kamfani ya ɗauki miliyan 1.8, Hajiya ta karɓi dubu 200 ɗinta. Amma kada ta zauna jira. Ta rubuta wa kamfanin tun farko cewa a sa kasonta cikin abin da za a nema, domin wani kamfanin nasa kawai yake bi, ya bar mai mota ya bi nasa da kansa.

Inda ake samun tirka-tirka shi ne idan abin da aka karɓo bai kai ba. Tun 1 ga Janairun 2023 hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta mayar da kuɗin ƙaramar inshorar dole ta motar gida naira dubu 15 a shekara, kuma iyakar abin da take biya kan ɓarnar dukiyar wani miliyan 3 ne. Yanzu a ce gyaran motar Hajiya miliyan 4 ya ci. Kamfaninta ya biya miliyan 3.6, ita ta cika dubu 400. Inshorar mai laifi ta ba da miliyan 3 ta tsaya. Ragowar miliyan 1 sai daga aljihun mutumin, wanda wataƙila ba shi da ita. Wa zai fara ɗiba daga miliyan 3 ɗin?

Idan aka raba gwargwadon asarar kowa, Hajiya tana da kashi 10 cikin 100, wato dubu 300. Amma a 1993, a shari'ar Lord Napier da Hunter, kotun ƙoli ta Birtaniya ta wancan lokaci ta yanke cewa wanda ya amince da eksas ya yarda ne ya ɗauki wannan kaso da kansa, don haka kamfani ne ke fara cika nasa. A wannan lissafin Hajiya ba ta samun ko kwabo sai an karɓo fiye da miliyan 3.6. A ganina wannan tambaya ce da ya kamata kowa ya yi wa dillalin inshora kafin ya sa hannu: idan kuɗin da aka karɓo bai cika ba, yaya ake raba shi, kuma a wane shafi aka rubuta? Haka nan idan aka gano laifin na mutum biyu ne, ana rage abin da za a karɓo gwargwadon laifin kowa, kuma kasonka ma yana raguwa.

Babban abin da ke kashe wannan haƙƙi a wajenmu shi ne sulhun bakin titi. Ana yin karo jama'a su taru, wannan ya ce a yi haƙuri, wancan ya ce tsautsayi ne, mai laifi ya rusuna ya miƙa dubu 50, wani lokaci har a rubuta 'yar takarda cewa magana ta ƙare. Yafiya hali ne mai kyau, ba na musun haka. Sai dai wanda ya yafe, kuma washegari ya je kamfani neman kuɗin gyara, ya yafe abin da kamfanin zai bi ne. Kamfani ba ya samun haƙƙin da ya wuce naka, in ka rufe ƙofar ta rufu a kansa. Shi ya sa takardun inshorar mota ke hana mai mota amsa laifi ko yin sulhu ba da yardar kamfani ba, kuma saɓa wa wannan na iya sa a ƙi biyanka, ko a nemi ka mayar da abin da aka biya. Idan ma bayan an biya ka ne mai laifi ya kawo kuɗi gida, dole ka sanar da kamfani.

Aikin da ke gabanka a wurin haɗari bai da yawa. Ɗauki hotunan motocin kafin a matsar da su, da lambar motar da ta buge ka, da takardar inshorarta. Duba lambar a shafin askniid.org na ƙungiyar kamfanonin inshora, domin takardun bogi da ake yanka a bakin ofisoshin lasisi sun yi yawa, kuma idan ta bogi ce babu kamfanin da za a bi sai mutumin kansa. Tambayi ko direban shi ne mai motar. Idan direban wani ne kuma yana kan aikin ubangidansa, ana iya bin ubangidan, wanda galibi ya fi ƙarfin biya. Karɓi lambar wayar mutum ɗaya ko biyu da suka ga abin, ka kai rahoto ga 'yan sanda, ka sanar da kamfani cikin kwanakin da takardarka ta ƙayyade.

Bin kuɗin yana ɗaukar watanni, kuma kamfani na da damar ya janye idan ya ga kuɗin lauya zai zarce abin da za a samo. Idan ya janye, haƙƙinka na bin dubu 200 ɗin yana nan, har da sauran asarar da inshora ba ta biya ba, kamar kuɗin hayar motar da ka yi ta shiga kafin a gama gyara. Nemi kamfanin ya rubuta maka cewa ya janye, ka adana rasit ɗin abin da ka biya, sannan ka aika wa mai laifi ko kamfanin inshorarsa takardar neman biya.