Neman iso wajen mai wuƙa da nama

A unguwar Sabo da ke Ibadan, Hausawa masu fataucin shanu sun daɗe da wani tsari wanda masanin zamantakewa Abner Cohen ya bayyana a littafin da ya fitar a 1969. Falke zai sauko da shanu daga Arewa, bai san kowa ba cikin mahautan Yarabawa, su kuma mahautan bashi suke ɗauka, sai sun yanka sun sayar sannan su biya. Mai gidan da ya sauki falken shi ne ke shiga tsakani. Shi ya san mahaucin da ke biya da wanda ke taurin bashi, kuma idan kuɗi suka maƙale, wuyansa za a kama. Saboda haka ba ya haɗa baƙonsa da kowa sai wanda ya yarda da shi.

Duk wanda ka roƙa ya haɗa ka da wani babba, matsayin wannan mai gida ka ɗora shi a kai, ko da ba a rubuta komai ba. Mutuncinsa ne zai jingina a kanka. Yawancin masu neman a yi musu hanya ba sa lura da wannan, suna ganin ai kira ɗaya ne a waya, me zai rage shi da shi? Daga nan kuskuren yake farawa.

Mu ɗauki misalin wani matashi mai gonar kaji a wajen Kano. Yana da kaji 600 masu ƙwai. Idan kashi 80 cikin ɗari suna yi a rana, yana tsintar ƙwai 480, wato kiret 16 mai cin talatin-talatin, kiret 112 ke nan a mako. 'Yan sari ne ke kwashewa, su ke yanka farashi, kuma ranar da kasuwa ta cika sai ya roƙe su. Akwai wata makarantar kwana mai zaman kanta da ba ta da nisa da shi, mai ɗalibai 300. In ana ba kowane yaro ƙwai sau uku a mako, ƙwai 900 ne, kiret 30. Fiye da rubu'in abin da yake samu ke nan, ga mai saye guda, a tsayayyen farashi har ƙarshen zango. Ya kai takarda bakin ƙofa, maigadi ya karɓa, shiru kake ji.

Kafin ya nemi wanda zai yi masa iso, sai ya fara sanin wajen wa za a yi. Sunan da ke jikin allon makaranta ba lallai ne shi ke zaɓar mai kawo ƙwai ba. A wata makarantar Hajiya mai makarantar ce da kanta, a wata ma'aji ne, a wata kuma mai kula da sito ne ke kawo suna, Hajiya ta sa hannu kawai. Direban motar cefane ko masu girki sun san amsar, kuma tambayarsu ba ta cin komai. Wanda ya sa aka kai shi gaban shugaban makaranta alhali ma'aji ne ke da wuƙa da nama, ya ɓarar da alfarmar da aka yi masa, zai sha shayi a ce masa za a duba.

A ce ya gano Hajiya ce. Yanzu wa ya san ta? A nan mutane kan tsaya ga 'yan uwa da aminai, su ce ba su da kowa. Mark Granovetter, wani masani Ba'amurke, ya binciki yadda ma'aikata a garin Newton na jihar Massachusetts suka sami ayyukansu, ya wallafa sakamakon a 1973 da 1974. Fiye da rabinsu ta hannun wani da suka sani suka samu. Abin da ya fi jan hankali shi ne, cikin waɗanda ya yi wa tambayar, kusan kashi 17 cikin ɗari ne kawai suke yawan haɗuwa da mutumin da ya yi musu hanyar. Sauran jefi-jefi suke ganinsa, ko ma da kyar. Dalilin a fili yake: amininka mutanen da ka sani shi ma ya sani, amma wanda kuke gaisawa daga sallah sai sallah yana shiga gidajen da ba ka shiga. Don haka mai kaji ya duba nesa kaɗan: likitan dabbobin da ke yi masa rigakafi, dilan da yake sayen abincin kaji a wajensa, tsohon malaminsa na sakandare da ya yi ritaya.

A ce malamin ne, an ce sun taɓa koyarwa tare da Hajiya. Sani ma hawa-hawa ne. Bahaushe ba ya son ya ce bai san babban mutum ba, sai ka ji "ai mutuniyata ce". Tambaya ɗaya ke warware wannan ba tare da an ci fuskar kowa ba: "Malam, kuna ɗan gaisawa kuwa kwanan nan?" In ya ce ta zo bikin 'yarsa bara, ko suna waya lokaci-lokaci, to akwai hanya. In ya fara lalube a waya yana cewa lambar ta ɓata, a yi masa godiya a nemi wani. Akwai kuma abin da ya fi wannan muhimmanci, wato yadda ita take kallonsa. Mutumin da ya riga ya kai mata mutum biyu suka ba ta kunya, sunansa nauyi zai ƙara maka. Haka wanda take binsa bashi.

Roƙon kansa, zuwa ake yi, ba a aikawa da saƙon murya na minti bakwai. Mai kaji ya sami Malam a gida bayan la'asar, da kiret ɗaya na ƙwai, wanda gaisuwa ce ta ɗalibi ga malaminsa kuma shaida ce ta irin kayan da yake magana a kai. Bayan gaisuwa sai ya ce: "Malam, wata alfarma ce ta kawo ni. Ina son in riƙa kai wa makarantar Hajiya ƙwai. Ba cewa nake ka sa ta saya ba, so nake ka tambaye ta ko za ta ba ni minti goma in nuna mata kaya da farashi. In kuma da nauyi tsakaninku, wallahi ba komai, kada ka takura kanka."

A lura da ƙanƙantar abin da ya nema. Bai ce a sama masa kwangila ba. Malam ba shi da iko da aljihun Hajiya, kuma da an ɗora masa wannan kaya, zai amsa da baki ne kawai don kunya. Minti goma kuwa abu ne da zai iya roƙa ba tare da ya zubar da girmansa ba. Jimlar ƙarshe ita ce mutane suka fi mantawa da ita. A wurinmu dattijo ba ya cewa a'a kai tsaye, musamman ga yaron da ya koyar. In ba ka buɗe masa ƙofar fita ba, zai ce "to, Allah ya kai mu", kai kuma ka yi wata biyu kana jiran kiran da ba za a yi ba.

Sai kuma a sauƙaƙa masa aikin. Malam bai san kiwon kaji ba, in aka bar shi ya yi bayani da kansa, abin da zai ce shi ne "yaron kirki ne, a taimaka masa". Wannan magana ta mai da ɗan kasuwa mai neman taimako, kuma Hajiya tana da irinsu cike da zaure. Don haka mai kaji ya rubuta gajeren saƙo wanda Malam zai tura mata yadda yake:

"Assalamu alaikum Hajiya. Ina da gonar kaji kusa da makarantarki, muna samun kiret 16 a rana. Zan iya kawo kiret 30 kowane mako har cikin sito, ƙwan da bai wuce kwana biyu ba, wanda ya fashe a hanya in canza. Farashi ɗaya har ƙarshen zango, biya bayan mako biyu. In kin ba da dama, zan zo da samfuri a lokacin da ya yi miki."

Babu yabon kai, babu labarin wahalar da aka sha. Kowace jimla tana taɓa wani ciwon kai na mai ciyar da yara 300: ruɓaɓɓen ƙwai, fasasshe, farashin da ke tashi tsakiyar zango bayan iyaye sun riga sun biya kuɗin makaranta. Kuma kada a rubuta alkawarin da ba a yi lissafinsa ba. Biya bayan mako biyu yana nufin kuɗin kiret 60 suna waje alhali kaji ba sa jiran abinci. In jarinsa ba zai ɗauka ba, ya rubuta mako ɗaya.

Abu mafi kyau shi ne Malam ya fara tambayar Hajiya ita kaɗai, sai ta amince sannan a haɗa su. Da yawa sukan ce "ga lambarta, ka ce ni na ba ka". Wannan ita ce mafi raunin hanya, don ita ba ta san da zancen ba, kuma za ta iya jin haushin an raba lambarta. Ɗaukar mutum ƙafa da ƙafa a faɗa ofis ba sanarwa ya fi ƙarfi, amma yana da nasa haɗarin: za ta karɓe ku hannu bibbiyu don idon Malam, ba don tana bukata ba. Wadda aka tambaya ta ce a zo, ita ce ke saurare da gaske. Lokaci ma yana da tasiri. Makaranta kan tsayar da masu kawo mata kaya kafin a dawo hutu, saboda haka cikin dogon hutu, kafin Satumba, ya fi makon jarrabawa.

In mako ya wuce ba labari, tuni ɗaya ya isa, shi ma cikin gaisuwa. In aka sake cewa "ina sane, za mu gani", to amsar ke nan. Wataƙila Hajiya ta ƙi ne Malam yana jin nauyin faɗa, wataƙila ɗan uwanta ne ke kawo ƙwan. A bar maganar, a ci gaba da gaishe shi kamar da.

Batun kuɗi yana bukatar a fayyace shi tun farko. Dillali sana'arsa ce, la'adarsa ana yanke ta a fili kafin ciniki. Wanda ya yi don zumunci kuwa, miƙa masa kaso na iya zama cin fuska, kuma malamai kan ja kunne da wani hadisi da Abu Dawud ya ruwaito, wanda ya danganta karɓar kyauta saboda an yi wa mutum ceto da riba. In kuma mai haɗawar ma'aikacin makarantar ne, kaso a ɓoye cin hanci ne, ko da wane suna aka kira shi. A ma'aikatun gwamnatin tarayya ma iyakar ta fi fitowa: dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ta sa gasa a fili ita ce ƙa'ida, don haka abin da iso zai iya sama maka ta halal shi ne sanin yaushe za a tallata da takardun da ake nema.

Ranar da Hajiya ta ba da lokaci, mai kaji ya amsa a ranar, ya isa kafin lokacin, ya ambaci Malam sau ɗaya a gaisuwa sannan ya shiga maganar ƙwai. Da ya fito, Malam ne mutum na farko da zai kira, ko an dace ko ba a dace ba, don kada dattijon ya haɗu da Hajiya a wajen ɗaurin aure ta ɗauko zancen shi bai san inda aka kwana ba. In an fara kai kaya, wata rana zafi ya sa kaji suka rage ƙwai, ya sayo cikon kiret talatin ɗin daga maƙwabcin gona ko da ba riba. In abin ya gagara, ya kira ma'ajin makaranta kwana biyu kafin ranar kai kaya, ya faɗi kiret nawa zai iya kawowa.