Saƙon bin sawun wanda ya duba kaya bai saya ba

A ce Malam Sani ya shiga shagon kayan lantarki na intanet, ya daɗe yana duba wata faifawa, ya fita bai saya ba. Mai shago yana iya tuntuɓarsa, muddin ya bar lambarsa kuma ya yarda a aiko masa da saƙo. Washegari ya fi dacewa, kafin abin ya fita daga ransa.

Kada a ce masa "mun ga ka shiga shagonmu ba ka sayi komai ba". Wannan tuhuma ce, kuma za ta sa ya ji ana leƙen asirinsa. Mai neman faifawa yawanci abu guda ke tsayar da shi: shin za ta ɗauki wayarsa da kwamfutarsa, kuma in ta lalace wa zai kama? Saƙon ya amsa wannan:

"Barka da yini, Malam Sani. Faifawar nan da ka duba tana nan. Tana cajin waya da kwamfutar hannu mai kafar USB-C, kuma akwai garantin wata shida. Faɗa mana irin kwamfutarka mu tabbatar maka ko za su dace."

Ragi kuwa a bar shi sai saƙo na biyu, bayan kwana uku. In aka fara da shi, masu saye za su koyi jan ƙafa don a rage musu. Daga na biyu a yi shiru, tare da nuna masa yadda zai dakatar da saƙonnin in ba ya so.