A sauƙaƙa masa karatun, kada a sauƙaƙa masa tunanin

Kusan duk malamin tarihi ya san irin ɗalibin nan. A cikin aji, da an tambayi abin da ya haɗa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da Sarkin Gobir Yunfa, sai ya warware zare da abawa, tun daga hijirar Degel zuwa Gudu a 1804 har faɗuwar Alƙalawa a 1808. Ranar jarrabawa kuwa, lokaci zai ƙare yana fama da layi na uku. Wannan wahalar gane haruffa da haɗa su ita ce masana ke kira disleksiya, kuma ba dakiƙanci ba ce. Makin da yaron ya samu na saurin karatu ne, tarihin da ke kansa ba a auna shi ba.

Mu ɗauki tambaya guda: “Bisa la'akari da yanayin siyasa da zamantakewa da tattalin arzikin ƙasar Hausa gabanin 1804, tattauna gwargwadon yadda za a iya cewa ba dalilan addini kaɗai ne suka haddasa jihadin ba.” Nauyi biyu ne a nan. Akwai na tunani, wato auna dalilai da yanke hukunci, wanda shi ake son gwadawa. Akwai na jimla mai tsawo da ta ɓoye umarninta a tsakiya, ta kuma zo da korewa. Na biyun za a sauke, a rubuta: “An fara jihadi a 1804. Wasu sun ce addini ne kaɗai dalili. Ka yarda? Kawo hujjojinka, ka auna su da na masu ɗaya ra'ayin.”

Har yanzu sai ɗalibin ya lalubo hujja da kansa: dokar Nafata da ta hana rawani da lulluɓi, jangalin da ya gallabi makiyaya, zaluncin masu mulki da Shehu ya lissafa a Kitabul Farƙi. Sannan ya faɗi wanne ya fi rinjaye.

Inda tausayi ke kai malami ya baro shi ne ya mayar da tambayar “Lissafa dalilai uku na jihadi.” Wannan hadda ce. Wani kuma ya yanka ta kashi uku, siyasa, haraji, addini, kowanne da gurbinsa, alhali gano waɗannan rukunai shi ne rabin aikin. A ganina wannan raina yaron ne, ko da da kyakkyawar niyya aka yi. Haka ma kalmomin fanni irin su hijira, jangali da daula, a bar su yadda suke, domin saninsu yana cikin tarihin.

Tambayar da ke ɗauke da nassi ta fi wuyar sha'ani. A ce an kawo wani yanki na wasiƙun Shehu Alkanemi na Borno da Muhammadu Bello, waɗanda Bello ya adana a Infaƙul Maisur. Ana iya gajarta nassin, a sa wa layukan lamba, a fassara kalma mai wuya a gefe. Amma kada a goge zafin harshen masu muhawarar, don daga nan ɗalibi zai gane kowa na kare ɓangarensa. Kada kuma fassarar gefe ta koma sharhi.

Sauran gyaran na takarda ne da lokaci: haruffa masu girman 12 zuwa 14, tazarar layi ɗaya da rabi, tambaya da nassinta a shafi ɗaya. A Birtaniya an saba ƙara kashi 25 cikin ɗari na lokaci, wato awa biyu ta zama biyu da rabi. Idan za a karanta wa ɗalibi, mai karantawa ya faɗi abin da ke rubuce kawai, ba bayani, ba jan murya a kan kalmar da ke nuni ga amsa. Ma'aunin maki ɗaya ne ga kowa, sai dai ba a rage maki don an rubuta Alƙalawa a karkace, muddin an gane garin.

Ta yaya malami zai san bai zarce ba? Ya raba ɗalibai masu ƙarfin karatu gida biyu, ya ba wasu tsohuwar takarda, wasu sabuwa. Idan makinsu ya zo kusan ɗaya, amma na masu wahalar karatu ya ɗaga, shingen kawai aka cire. Idan makin kowa ya yi tsalle, tambayar ce ta yi arha, sai a sake zama.

Malam, kafin jarrabawar zangon nan, ka zaɓi tambaya ɗaya cikin naka ka yi mata wannan gwajin.