Hayar Sito, Bashi a Littafi: Yadda IFRS 16 Ke Lissafa Haya

Kamfanin da ya sa hannu a yarjejeniyar hayar sito na shekara 3 ya ɗaure kansa da biyan kuɗi, ko kasuwa ta yi kyau ko ta mutu. Amma shekara da shekaru, wanda ya buɗe jadawalin kadara da bashi na irin wannan kamfani ba zai ga alamar wannan ɗauri ba. Tsohuwar ƙa'ida, IAS 17, ta raba haya gida biyu. Wadda ta yi kama da sayen kaya bashi ana shigar da ita jadawali. Sauran kuwa, wato mafi yawan hayar shaguna, ofisoshi da jiragen sama, sai dai a rubuta kuɗin hayar shekara cikin abin da aka kashe, a ambaci ragowar a ƙananan bayanai na can ƙarshen rahoto.

Hukumar IASB da ke Landan, mai tsara waɗannan ƙa'idoji, ta ƙiyasta cewa kamfanonin da ke kasuwannin hannun jari na duniya na ɗauke da alƙawuran haya na kusan dala tiriliyan 3.3, kuma fiye da kashi 85 cikin ɗari ba sa cikin jadawali. Shi ya sa ta fitar da IFRS 16 a Janairun 2016, ta fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2019. Tunda manyan kamfanonin Najeriya sun koma bin IFRS tun 2012, dokar ta hau kansu su ma.

Abin da ƙa'idar ta ce wa mai karɓar haya a taƙaice yake. Ranar da aka miƙa maka makulli ka samu abu biyu a lokaci guda: haƙƙin amfani da kayan na wani wa'adi, wanda kadara ce, da nauyin biyan kuɗin, wanda bashi ne. Ginin na mai shi ne har gobe. Abin da ya zama naka shi ne damar amfani da shi, ita ake rubutawa da sunan kadarar haƙƙin amfani, a rubuta bashin haya a ɗaya ɓangaren.

Kafin a ɗauki alƙalami, sai an tabbatar yarjejeniyar haya ce a idon ƙa'ida. Dole kayan ya zama ayyananne, kai ke cin moriyarsa, kai ke yanke yadda za a yi amfani da shi. Idan ka ɗauki sito lamba kaza, makulli na hannunka, haya ce. Idan kuwa ka biya a ajiye maka buhu 500 a wani babban sito, mai sito yana da ikon matsar da su duk kusurwar da ya ga dama, to hidimar ajiya ka saya, ba ta shiga wannan lissafi. An kuma yi sassauci a wuri biyu: hayar da ba ta wuce wata 12 ba kuma babu zaɓin saye a cikinta, da hayar ƙananan kaya irin su kwamfutar hannu ko kujerun ofis, waɗanda hukumar ta kwatanta darajarsu sabbi da kimanin dala 5,000. Waɗannan ana iya barinsu a matsayin kuɗin haya kawai.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi har ƙarshe. A ce wani kamfanin rarraba kayan masarufi ya karɓi hayar sito a Sharaɗa, Kano, na shekara 3. Zai riƙa biyan naira miliyan 12.5 a ƙarshen kowace shekara, kuma ya ba dillali la'adar naira miliyan 1.1.

Jimillar abin da zai biya mai sito naira miliyan 37.5 ce, amma ba ita za a rubuta a matsayin bashi ba, domin kuɗin baɗi ba su kai kuɗin yau daraja ba. Ana sauko da kowane biya zuwa darajarsa ta yau. Ƙa'ida ta ce a yi amfani da kuɗin ruwan da ke ƙunshe cikin hayar in ana iya gano shi. Da wuya mai haya ya iya, don bai san lissafin mai sito ba. Saboda haka yawanci ana komawa ga kuɗin ruwan da kamfanin zai biya da a ce ya ranci kwatankwacin wannan kuɗi, na wannan wa'adi, da irin wannan jingina. Mu ce kashi 25 cikin ɗari ne a shekara.

Biyan farko, a raba miliyan 12.5 da 1.25, ya ba da miliyan 10. Na biyu ana raba shi da 1.25 sau biyu, ya zama miliyan 8. Na uku sau uku, miliyan 6.4. In aka tara, bashin haya a ranar farko naira miliyan 24.4 ne. Kadarar haƙƙin amfani tana farawa daga wannan adadi, sai a ƙara mata kuɗin da ba don an samu hayar ba da ba a kashe su ba, kamar la'adar dillali. Ta tashi miliyan 25.5. Da akwai kuɗin da aka biya kafin karɓar makulli, ko ƙiyasin kuɗin mayar da ginin yadda aka same shi idan yarjejeniya ta wajabta, da an ƙara. Da mai sito ya ba da wani ihisani don jawo mai haya, da an cire.

Daga ranar nan kowannensu ya kama hanyarsa, kuma a nan ne abin yake da daɗin bi. Kadara tana raguwa daidai wa daida: miliyan 25.5 a raba uku, miliyan 8.5 kowace shekara. Bashi kuwa yana fara kumbura da kuɗin ruwa kafin biya ya rage shi. A shekarar farko ruwan shi ne kashi 25 cikin ɗari na miliyan 24.4, wato miliyan 6.1. A haɗa, a cire miliyan 12.5 da aka biya, saura miliyan 18. A shekara ta biyu ruwan miliyan 4.5 ne, bashi ya sauko miliyan 10. A ta uku ruwan miliyan 2.5, biyan ƙarshe ya share komai. Wannan ita ce hanya mafi sauƙi ta gane ko akanta ya yi daidai: idan jadawalinsa bai ƙare a sifiri ranar biyan ƙarshe ba, akwai kuskure, kuma galibi a lokacin biya yake, an ɗauki farkon shekara a maimakon ƙarshenta ko akasin haka.

Mai karatu zai iya tsayawa a kan kalmar ruwa. Mai sito bai ƙara ko kwabo a kan kuɗin hayarsa ba. Miliyan 37.5 ɗin nan dai ita aka tsaga gida biyu a littafi, miliyan 24.4 uwar kuɗi, miliyan 13.1 farashin jinkirin biya.

Yanzu a duba abin da ya samu riba. A tsohon tsari, kuɗin haya miliyan 12.5 ne kowace shekara, ba hawa ba sauka. A sabon tsari, shekarar farko tana ɗaukar miliyan 8.5 na raguwar kadara da miliyan 6.1 na ruwa, jimilla miliyan 14.6. Ta biyu miliyan 13, ta uku miliyan 11. Duka miliyan 38.6 ne, wato kuɗin haya da la'ada, babu ƙari babu ragi. Nauyin ne kawai ya taru a gaba. Kamfanin da ke buɗe sababbin rassa zai ga ribarsa ta matse a farko, alhali kuɗin da ke fita daga asusunsa ba su canza ba. Haka kuma a ƙarshen shekarar farko kadarar miliyan 17 ce, bashi miliyan 18. Bashi ya ɗara kadara, kuma haka ya kamata ya kasance a tsakiyar wa'adi. Cikin miliyan 18 ɗin, miliyan 8 ake nunawa a bashin da za a biya cikin shekara, miliyan 10 a na dogon zango.

Akwai ruɗi ɗaya da nake so masu hannun jari su kiyaye. Ma'aunin EBITDA, wato riba kafin a cire ruwa, haraji da raguwar kadarori, yana tashi sama a ƙarƙashin IFRS 16, domin kuɗin haya sun fita daga cikinsa gaba ɗaya. A misalinmu ya ƙaru da miliyan 12.5 ba tare da an sayar da ƙarin katan ko ɗaya ba. Wanda ya kwatanta alƙaluman 2018 da na 2019 bai gyara wannan ba, ya ga ci gaban da babu shi.

A ƙasarmu kuwa mai gida ba ya jiran ƙarshen shekara, a gaba yake karɓa. Da kamfanin nan yana biya a farkon kowace shekara, biyan farko ba bashi ba ne, don an riga an biya shi. Bashin zai zama miliyan 10 da miliyan 8, wato 18, kadara kuma ta haɗa da miliyan 12.5 da aka biya da la'ada, ta kai miliyan 31.6. Idan aka biya na shekara ukun dungurungum, za a samu kadara babu bashi ko kaɗan.

To, a nan ne nake ganin an fi samun sakaci. Wa'adin haya a IFRS 16 ba ya tsayawa kan abin da aka biya. Ya haɗa da shekarun da yarjejeniya ta ba mai haya zaɓin sabuntawa, matuƙar akwai ƙwaƙƙwaran tabbacin zai sabunta. Kamfanin da ya zuba kuɗi ya gina ɗakin sanyi a cikin sito, ya ja wuta, ya yi rijiyar burtsatse, kuma takarda ta ba shi damar ƙarin shekara 3, ba zai gamsar da mai binciken littafi cewa shekara 3 kawai zai yi ya tashi ba. Kuɗin waɗannan ƙarin shekaru bashi ne tun ranar farko. Alamar da ke tona wannan ita ce a ga ana rage darajar gyare-gyaren da aka yi wa gini a kan shekara 6, amma hayar ginin an lissafa ta a kan shekara 3.

Kuɗin ruwan da aka zaɓa shi ma yana juya sakamako. Da an yi amfani da kashi 10 cikin ɗari a misalinmu, bashin zai kai kusan miliyan 31.1 a maimakon 24.4. Gwargwadon tsadar ruwan, gwargwadon ƙanƙantar bashin a takarda, don haka mai son ɓoye nauyi yana da dalilin ɗaga shi. Sai kuma hayar da ake biya da dala, kamar ta jiragen sama. Bashin ana sake fassara shi da canjin ranar rufe littafi, kadarar kuwa tana nan a kan canjin ranar farko. Lokacin da naira ta faɗi daga Yunin 2023, duk mai irin wannan haya ya ga bashinsa ya kumbura, bambancin ya tafi kai tsaye cikin asara, kadarar ba ta motsa ba.

Mai karatu, idan rahoton shekara na wani kamfani ya zo hannunka, kada ka tsaya a jimillar bashin haya. Nemi bayanin da ke ƙarƙashinta, ka duba wa'adin da aka ɗauka da yadda aka yi da zaɓin sabuntawa, kuɗin ruwan da aka yi aiki da shi, da kuɗin ƙasar da ake biyan hayar da shi. Idan kamfani yana da rassa da yawa a gidajen haya amma bashin hayarsa bai taka kara ya karya ba, ka tambayi dalili a taron masu hannun jari.