Yadda Kebul Maras Inganci Ke Tauye Saurin Intanet Ɗin Da Aka Biya Wa Kuɗi

Legas: Ofisoshi, shagunan buga takardu, otal-otal da cibiyoyin rubuta jarrabawa ta kwamfuta na ci gaba da barin ƙananan tsare-tsaren intanet suna komawa manya, musamman a garuruwan da layin faiba ya kai, da kuma tun bayan shigowar kamfanin Starlink ƙasar nan a 2023. Sai dai ba kowane mai biyan kuɗin megabit 200 ko 300 ne ke ganin wannan sauri a kan teburinsa ba. Galibi kamfanin da ke ba da layin ake fara ɗora wa laifi, kuma wani lokaci laifin nasa ne. Amma akwai wani mai laifin da ba kasafai ake tuhumarsa ba, wato kebul ɗin da ya tashi daga rauta zuwa kwamfuta, wanda kwamfuta ke nunawa da sunan Ethernet, 'yan kasuwa kuma suka fi saninsa da kebul ɗin LAN.

Alamar farko tana cikin adadin da gwajin sauri ke bayarwa. Idan mutum ya biya kuɗin megabit 300, ya gwada da safe ya ga 94, ya gwada da tsakar dare ya sake ganin 94 ko 95, da wuya a ce cunkoson jama'a ne. Cunkoso hawa da sauka yake yi gwargwadon lokaci. Adadin da ya kafe wuri guda, dab da ɗari, yana nuna cewa rauta da kwamfuta sun daidaita ne a kan megabit 100. Biyar ko shidan da suka ɓace kuwa suna tafiya ne wajen adireshi da sauran bayanan da ake liƙa wa kowane ƙunshin saƙo, kamar nauyin buhu da ake cirewa daga nauyin hatsi.

Dalilin haka yana cikin yadda aka ƙera kebul ɗin. In aka fere rigarsa za a tarar da silin waya takwas, an murɗe su biyu-biyu, sun zama tagwaye huɗu: masu ruwan lemo, kore, shuɗi da ruwan ƙasa. Ƙa'idar megabit 100, wadda aka amince da ita a 1995, tagwaye biyu kawai take amfani da su, na ruwan lemo da na kore, waɗanda ke zaune a gurbi na 1, 2, 3 da 6 a kan kebul ɗin. Ita kuwa ƙa'idar gigabit ɗaya, wato megabit 1,000, wadda ta biyo baya a 1999, tana bukatar sili takwas ɗin gaba ɗaya su yi aiki a lokaci guda. Tsakanin waɗannan matakai biyu babu tsani a na'urorin da aka saba gani. Ba a samun 700 ko 500. Da zarar sili ɗaya daga cikin shuɗi ko ruwan ƙasa ya tsinke, ko bai taɓa ƙarfen kan kebul ɗin sosai ba, yawancin na'urori za su gwada gigabit, su kasa, su sauko kan 100 ba tare da sun sanar da kowa ba. Fitila na ci, intanet na buɗewa, wasiƙu na fita, saboda haka babu wanda zai yi zargin komai.

Bari mu ɗauki misali don a ga abin a lissafe. A ce wani kamfanin shigo da kaya a Apapa yana biyan Naira 60,000 a wata don megabit 300. Adadin kuɗin na misali ne kawai. Kebul guda ne ya ɗauko layin daga rautar da ke ɗakin karɓar baƙi zuwa na'urar rarrabawa, wato suwic, da ke ciyar da kwamfutoci goma a ciki. An bi da shi ta ƙarƙashin ƙofa, kullum ana datse shi, har silin ruwan ƙasa ya karye daga ciki alhali rigar waje lafiya lau take. Daga ranar, kwamfutocin goma megabit 94 suke rabawa, wato kimanin kashi 31 cikin ɗari na abin da aka saya. A kuɗi, wajen Naira 41,000 ke nan a kowane wata ake biya ba a amfana ba, kusan Naira 494,000 a shekara. Fayil mai girman gigabait ɗaya da ya kamata ya sauko cikin daƙiƙa 27 zai ɗauki kimanin 85. Abin da ya fi ciwo a irin wannan hali shi ne shawarar da mai kamfani kan yanke: ya ga aiki na tafiyar hawainiya, sai ya koma tsarin da ya fi tsada, gwaji kuma ya sake nuna masa 94.

Tabbatar da wannan ba ya bukatar injiniya. A kwamfutar da ke amfani da Windows, a danna maɓallin Windows tare da R, a rubuta wannan:

```
ncpa.cpl
```

Sai a buɗe alamar da aka rubuta wa `Ethernet`, a dubi layin `Speed`. Idan an ga `1.0 Gbps`, mahaɗar kwamfutar lafiya take. Idan an ga `100.0 Mbps`, an kama bakin zaren. A lura cewa wannan adadi yana magana ne a kan kebul ɗin da ke jikin kwamfutar kaɗai. A misalin da ya gabata, kowace kwamfuta za ta iya nuna gigabit tsakaninta da suwic, alhali matsalar tana can tsakanin suwic da rauta. Don haka gwajin da ya fi yanke hukunci shi ne a ɗauki kwamfutar hannu a kai ta gindin rauta, a haɗa su da sabon gajeren kebul na mita ɗaya ko biyu wanda aka matse kansa a masana'anta, a sake gwadawa. In saurin ya tashi zuwa kusan 300, kamfanin layi ya fita daga zargi, sai a bi kebul ɗin ofis ɗaya bayan ɗaya.

In kuma bai tashi ba, kada a yi gaggawar zubar da kebul. Akwai rautoci da suwic masu araha, da ƙananan adafta da ake soka wa kwamfutar hannu, waɗanda kafofinsu ba su wuce megabit 100 ba tun daga masana'anta. Za a ga an rubuta `10/100` a jikinsu ko a kwalinsu. Kebul mafi tsada a duniya ba zai ƙara musu komai ba. Kazalika wanda ya sayi tsarin megabit 50 bai yi asarar intanet ba don mahaɗarsa ta tsaya a 100.

Wancan kebul ne da ya lalace. Akwai kuma wanda tun fil azal ba shi da kyau, kuma a ganin wannan marubuci shi ne ya fi cutar da 'yan kasuwa, domin da kuɗinsu suke sayensa. Mafi sauƙin ganewa shi ne mai sili huɗu kacal, wanda kan zo kyauta cikin kwalin wasu na'urori. Kan kebul garai yake kamar gilashi, ana iya ɗaga shi a haske a ƙirga silin. In huɗu ne, ba zai taɓa wuce 100 ba. Wanda ya fi wuyar ganewa shi ne wanda ake kira `CCA`, wato silin alminiyum da aka yi wa fatar jan ƙarfe. A ido ba shi da bambanci da na gaske, kuma sau da yawa za a ga an buga `Cat6` a rigarsa, alhali ƙa'idar da ta tsara waɗannan darajoji jan ƙarfe zalla ta amince da shi. Alminiyum yana ɗaukar kimanin kashi 61 ne cikin ɗari na wutar da jan ƙarfe mai kauri ɗaya zai ɗauka, ga shi da saurin karyewa in an lanƙwasa shi, ga kuma tsatsar da yake yi a wurin da haƙoran kan kebul suka huda shi, musamman a gari mai laima irin Legas ko Fatakwal. Wannan ne ya sa yake yaudara. A kan mita biyar zai iya ba da gigabit ranar da aka ɗaura shi, ma'aikaci ya karɓi kuɗinsa ya tafi. A kan mita sittin ko saba'in, ko bayan damina ɗaya, sai ya fara faɗuwa kan 100, ko ya riƙa yankewa yana dawowa. Inda ake tura wuta ta cikin kebul ɗin zuwa kyamarar tsaro ko na'urar Wi-Fi ta silin, lamarin ya fi muni, don yana ɗaukar zafi fiye da kima.

Mai saye a Kwamfuta Bilej ta Ikeja, ko Baneks ta Abuja, ko Fam Santa ta Kano, yana da hanyar kare kansa kafin ya biya. Ya nemi a yanko masa ɗan guntu, ya fere sili ɗaya, ya kankare shi da reza. In fari ya bayyana a ƙarƙashin ja, alminiyum ne. Haka kuma kwalin mita 305, wanda shi ne ma'aunin da aka saba sayarwa, ya fi nauyi ƙwarai in jan ƙarfe ne, ta yadda hannu ma zai ji bambancin. Yana da kyau ɗan kasuwa ya sa a rubuta masa a rasit cewa jan ƙarfe zalla ne, haka ma a takardar kwangilar mai ɗaura wayoyi. Jan ƙarfe ya fi tsada, babu shakka, amma sau ɗaya ake sayensa, kuɗin layi kuwa duk wata ne. Ba lallai ba ne kuma a bi masu tallan `Cat7` ko `Cat8`. `Cat5e` na gaskiya yana ɗaukar gigabit har tsawon mita 100, wanda shi ne iyakar da ƙa'ida ta gindaya wa kebul guda, `Cat6` kuma ya isa ofishin da ke hangen gaba.

Sauran aikin yana hannun mai ɗaurawa. Murɗin nan da aka yi wa silin ba ado ba ne, shi ke kare saƙo daga hayaniyar wuta da ta tagwayen da ke kusa. Ba a so a warware shi fiye da milimita 13 wajen matse kai. Wani kuskure da ya zama ruwan dare shi ne jera launuka yadda aka ga dama, muddin kai biyun sun yi daidai da juna. Ƙaramar testa mai fitilu takwas za ta nuna komai ya haɗu, domin ita tsinkewa da sauya gurbi kawai take ganewa, amma in gurbi na 3 da na 6 ba tagwaye ɗaya ba ne, saƙo zai riƙa gurɓata ana sake aiko shi. A irin wannan yanayi allo na iya nuna gigabit, amma saukar da fayil ya riƙa tsalle-tsalle, kiran bidiyo kuma yana sarƙewa. Haka abin yake ga kebul ɗin da aka ɗaure jiki da jiki da wayar janareta na tsawon mitoci, ko na cikin ɗaki da aka shimfiɗa a kan rufi rana na dukansa har rigar ta tsage ruwa ya shiga, ko wanda ɓera ya ɗanɗana a cikin silin.

Idan an gwada da gajeren kebul mai kyau a gindin rauta, allo ya nuna `1.0 Gbps`, amma saurin ya ci gaba da zama ƙasa ƙwarai da abin da aka biya, to magana ta koma kan kamfanin layi. A ajiye hoton allon da sakamakon gwaji na lokuta daban-daban, a kai ƙorafi gare shi a karɓi lambar ƙorafin. In bai gyara ba, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa tana karɓar koke-koken masu amfani da layi ta lambar kyauta 622.