Riɗi a Kwantena: Yadda Ake Gwada Takardar Jerin Kaya da Shaidar Asali Kafin Jirgi Ya Tashi

Duk kayan da za a fitar zuwa ƙasar waje suna tafiya da takardu da yawa, amma akwai guda biyu da suke bayanin kaya ɗaya daga bakin mutane daban-daban. Ta farko ita ce takardar jerin kaya, wadda ejan-ejan ke kira fakin lis. Mai kaya ne ke rubuta ta a ofishinsa, kuma aikinta ta faɗi abin da ke cikin kowace kwantena: buhu nawa, nauyin kowane buhu, jimillar nauyi, lambar kwantena, lambar hatimin da aka kulle ta da shi, da rubutun da ke jikin buhunan. Ta biyu ita ce takardar shaidar asalin kaya. Wannan ba mai kaya ke da ikon sa mata hannu shi kaɗai ba. A Najeriya ƙungiyar cibiyoyin kasuwanci, masana'antu, ma'adinai da aikin gona, wato NACCIMA, ita ce aka sani da bayar da ita, kuma abin da take shaidawa shi ne ƙasar da aka noma ko aka ƙera kayan. Jami'in kwastan na ƙasar da kaya za su sauka yana dogara da ita wajen yanke harajin da za a biya da irin binciken da za a yi wa kayan.

Saɓani tsakanin takardun biyu yawanci ba daga ha'inci yake fitowa ba, daga lokaci yake fitowa. Ana neman shaidar asali tun da wuri, domin sai ta bi hannun wasu kafin ta fito, saboda haka akawu kan cika ta da alƙaluman da ke cikin yarjejeniyar ciniki. Takardar jerin kaya kuwa ba ta kammala sai ranar da aka gama lodi aka rufe ƙofar kwantena. Ɗaya tana faɗin abin da aka yi niyya, ɗaya tana faɗin abin da ya faru, kuma tsakanin niyya da lodi abubuwa kan canza.

Misalin riɗi ya isa ya nuna yadda aikin yake. A ce wani ɗan kasuwa a Dawanau, babbar kasuwar hatsi ta Kano, ya sayar da riɗi tan 38 ga wani kamfani a Turkiyya, za a ɗora shi a jirgi a tashar Apapa. Kwantena mai ƙafa 20 takan ɗauki tan 19 na riɗi, wato buhu 380 masu kilo 50. Kwantena biyu ke nan, buhu 760, kilo 38,000. Da waɗannan alƙaluman aka nemi shaidar asali. Ranar lodi sai aka ga buhu takwas sun sha danshi a ƙasan sito, mai duba inganci ya ware su, babu kuma wasu tsabtatattu a kusa da za su maye gurbinsu. Kwantena ta farko ta cika da 380, ta biyu ta tsaya a 372. Yaron da ke tsaye bakin kwantena da biro da takarda, yana jan layi duk lokacin da ɗan dako ya wuce da buhu a kafaɗa, shi ne ya san gaskiyar lissafin: buhu 752.

Daga wannan takardar ƙirga ake fara dubawa, ba daga takardun ofis ba. Idan akawu ɗaya ya kwafi duka takardun biyu daga yarjejeniyar ciniki, za su yi daidai da juna layi bayan layi, alhali duka biyun sun saɓa wa abin da ke cikin kwantena. Don haka sai an tabbatar fakin lis ta dace da ƙirgar bakin kwantena da kuma tikitin sikelin da aka auna motar, sannan a ɗauke ta a matsayin ma'aunin da za a gwada shaidar asali da shi. Ya fi kyau kuma mai dubawa ya zama ba shi ya buga takardun ba, domin ido kan tsallake kuskuren da hannunsa ya yi. Mutum biyu sun fi: ɗaya yana karantawa da ƙarfi, ɗaya yana bi da yatsa.

Wajen nauyi ne aka fi tuntuɓe. Fakin lis tana da nauyi iri biyu. Wanda aka rubuta `Net Weight` shi ne nauyin riɗin zalla, wanda aka rubuta `Gross Weight` kuma ya haɗa da buhunan da aka zuba shi. Idan buhun da babu komai a ciki yana da giram 100, buhu 752 sun kai kilo 75.2. Riɗin zalla kilo 37,600 ne, tare da buhu kuma 37,675.2. Shaidar asali a wannan misali tana ɗauke da 38,000. Mai dubawa yana da tambaya biyu a nan. Ta farko, wane irin nauyi gurbin da ke kan shaidar yake nema, domin sau da yawa nauyi haɗe da buhu ake nema sai akawu ya zuba na zalla. Ta biyu, shin adadin buhu idan aka ninka shi da 50 yana ba da abin da aka rubuta? Lissafin minti ɗaya ne a waya, kuma shi zai fito da giɓin kilo 400. Akwai nauyi na uku da ke shigowa ya rikita mutane, wanda ake ba kamfanin jirgi kafin lodi, bisa dokar tsaron jiragen ruwa da ta fara aiki ranar 1 ga Yuli 2016. Shi ya haɗa da ƙarfen kwantenar kanta, wanda ya haura tan biyu, kuma ba shi da gurbi a shaidar asali.

Wasu kan ce kilo 400 cikin 38,000 kashi ɗaya ne kawai cikin ɗari, kuma banki yana yafe har kashi biyar. Wannan fahimta ce rabi da rabi. Idan za a biya kuɗin ta takardar lamunin banki, ƙa'idojin da bankuna ke bi, UCP 600, waɗanda suka fara aiki a 2007, sun yarda da ragi ko ƙari na kashi biyar a yawan kaya, amma ban da inda takardar lamunin ta ambaci adadin buhu ko katan. Kuma ko inda sassaucin ya yi aiki, yana tsakanin abin da aka yi oda ne da abin da aka aika. Bai ba takarda ɗaya izinin ta ce 760 wata ta ce 752 ba. Ƙa'idar ita ce ba dole kalmomin takardu su zama iri ɗaya sak ba, amma kada su ci karo da juna. Banki yana da kwanakin aiki biyar ya duba takardu, kuma ma'aikacinsa ba zai taɓa ganin riɗin ba. Takarda kawai zai gani, in ya ga karo yana da damar ƙin biya har sai mai saye ya amince, mai saye kuma kan yi amfani da wannan dama ya nemi ragi idan farashi ya faɗi kafin kaya su iso.

Bayan nauyi sai bayanin kaya. Riɗi yana ƙarƙashin lamba 1207.40 a tsarin lambobin kwastan na duniya, kuma lambobi shida na farko ɗaya suke a ko'ina. To amma riɗin da aka surfe da wanda aka bari da ɓawonsa duk a lamba ɗaya suke, alhali farashinsu ya bambanta. Idan fakin lis ta ce `Natural White Sesame Seeds` shaidar asali kuma ta ce `Hulled Sesame Seeds`, lambar ba za ta tona kuskuren ba, sai an karanta kalmomin. Irin wannan kan faru ne idan akawu ya buɗe fayil ɗin cinikin da ya gabata ya canza kwanan wata ya manta sauran.

Lambar kwantena haruffa huɗu ce da lambobi bakwai, ta ƙarshe tana cikin ɗan akwati a jikin ƙofa. Da wadda ke jikin ƙofar ake gwadawa, ko da hoton da aka ɗauka bayan an kulle, domin akan mayar da kwantena idan aka shiga ciki aka rufe aka ga haske yana shigowa ta rufi, a kawo wata, takarda kuma ta ci gaba da ɗaukar tsohuwar lamba. Hatimi ma haka: in kwastan sun buɗe don bincike, sabon hatimi za a sa, lamba ta canza. Sauran gurabe ba sa ɗaukar lokaci, su ne sunan mai aikawa da adireshinsa, lambar takardar kuɗi da kwanan watanta, tashar lodi, tashar sauka da sunan jirgi.

Ba kowane bambanci ne kuskure ba, kuma mai dubawa da ya ƙware ya san wanda zai bari. Tan 37.6 da kilo 37,600 abu ɗaya ne. Takardar lodin jirgi kan fito da sunan banki, shaidar asali kuma ta fito da sunan mai saye, wannan ma karɓaɓɓe ne a aikin banki. Sake neman takarda saboda irin waɗannan ɓata kuɗi ne.

Akwai kuma saɓanin da ba ya bayyana a kowane layi, wato gaskiyar asalin kanta. Riɗi kan ƙetaro iyaka daga Nijar ta kasuwanni irin su Maigatari, wani kuma daga Chadi, ya gauraya da na Jigawa da Nasarawa da Binuwai. Asalin amfanin gona shi ne ƙasar da aka noma shi aka girbe. Sheƙewa, tankaɗewa, fitar da tsakuwa da sake zubawa a sabon buhu a Kano ba sa mayar da riɗin Maraɗi ɗan Najeriya. Fakin lis mai kyau takan nuna lambar rukunin kaya da ke jikin buhu, kuma da wannan lamba ake komawa littafin sito a ga inda aka sayo kowane rukuni. Rubutun jikin buhu ma shaida ne. Shaidar asali tana cewa Najeriya, sai jami'i ya buɗe ƙofa ya tarar da tsofaffin buhuna masu sunan wata ƙasa, ya isa a riƙe kwantenar duka.

Hanyar gyara ta danganta da takardar da ta kauce. Fakin lis ta mai kaya ce, ana sake buga ta nan take. Shaidar asali kuwa ba a goge ta, ba a shafa mata farin ruwa, ba a gyara ta da biro. Sai an koma wa waɗanda suka ba da ita, su fitar da sabuwa ko su tabbatar da gyaran da hatiminsu. Ba a kuma lanƙwasa fakin lis don ta dace da shaidar da ta yi kuskure, domin sikelin tashar sauka zai faɗi nasa. A misalin nan, a sake neman shaida da buhu 752 da nauyin da ya dace, sannan a bi takardar kuɗi, takardar lafiyar tsirrai ta hukumar NAQS da daftarin takardar lodin jirgi a tabbatar duk sun koma kan alƙaluma ɗaya.

Ba a fafe gora ranar tafiya, shi ya sa lokacin dubawa shi ne daren da aka gama lodi, yayin da tirela take kan hanyar Kano zuwa Legas, kafin a amince da daftarin kamfanin jirgi. A wannan tsakanin gyara bai wuce kuɗin sabuwar takarda da 'yan kwanaki ba. Bayan jirgi ya tashi, kamfanin jirgi yana cajin kuɗi kan kowane gyara, sai an aika sabbin takardu na asali ta kamfanin aika saƙo, kuma in kaya suka riga takardu isa, kwantena tana zaune a tasha ana lissafa mata kuɗin jinkiri da dala kowace rana bayan kwanakin kyauta sun ƙare.