Uku, Biyu, Ɗaya: Yadda Ɗalibin Likita Ke Haɗa Jadawalin Ciwon Ƙirji

Ɗalibin likita ba ya samun darasin ciwon ƙirji a dunƙule. Malamin zuciya zai ba shi takardar lacca a kan bugun zuciya, malamin huhu ya ba shi tasa bayan wasu makonni, yagewar bututun abinci kuwa tana can cikin takardun tiyata. Kowace takarda daga sunan cuta take farawa. Shi kuwa mara lafiya ba da sunan cuta yake zuwa ba, hannu zai dafa a ƙirji ya ce, "Likita, nan ke min ciwo." Aikin jadawali shi ne ya juya karatun, ya faro daga koken majinyaci ya nufi cutar.

Aikin farko tankaɗe ne. Ɗalibi zai baje takardun, ya tsamo duk cutar da aka ce tana kawo ciwon ƙirji, sannan ya jera su bisa saurin kisansu. Shida ne ke hawa sama, kuma hanya mai sauƙi ta haddace su ita ce ƙirge: uku, biyu, ɗaya. Uku a zuciya da babbar jijiyarta: toshewar jijiyar da ke ciyar da zuciya, tsagewar babbar jijiyar da ke fitar da jini, da taruwar ruwa a jakar zuciya har ya matse ta. Biyu a huhu: gudan jini da ya toshe jijiyar huhu, da iskar da ta taru a bayan huhu tana danne shi. Ɗaya a bututun abinci, wato yagewarsa, galibi bayan amai mai tsanani. Ƙwannafi, olsa da ciwon haƙarƙari duk ƙasa suke komawa, ko da yake su aka fi gani.

Kowace cuta layi ɗaya take samu, da gidaje huɗu: yanayin ciwon, wanda ta fi kamawa, gwajin farko, da alamar da ta raba ta da maƙwabciyarta. A ganina wannan gida na ƙarshe shi ne ran jadawalin. Ɗalibai da yawa kan cika gidajen da "gumi" da "sarƙewar numfashi", alhali waɗannan suna iya bayyana a duk layuka shidan, don haka ba sa raba komai. Idan kalma ta maimaitu a layi fiye da biyu, a fitar da ita daga wannan gidan.

Mu ɗauki misali. An kawo magidanci ɗan shekara 55, mai hawan jini, yana ta gumi da ciwon ƙirji. Zuciyar ɗalibi za ta ruga layin farko, inda ya rubuta cewa ciwon kamar an ɗora dutse yake, yana tafiya hannun hagu ko muƙamuƙi, a yi gwajin isiji cikin minti 10, a ba da asfirin miligiram 300 a tauna. Amma da aka tambayi mutumin, sai ya ce farat ɗaya ciwon ya zo da dukan ƙarfinsa, kamar ana keta shi, ya ratsa har tsakanin kafaɗunsa. Layi na biyu ya ce a auna jini a hannu biyu. Dama ya nuna 180, hagu 140. Bambancin da ya haura 20 yana sa a yi zargin tsagewar babbar jijiya, a nan kuwa maganin narkar da gudan jini, wanda zai ceci mutumin layin farko, yana iya kashe wannan. Saboda haka ne ake ajiye layukan biyu kusa da juna, a rubuta gargaɗin da jan biro.

Akwai gyaran da ɗalibin Zariya, Kano ko Damagaram zai yi da hannunsa, domin manyan littattafan likitanci da dama da majinyatan Turai a zuciya aka rubuta su. A nahiyarmu tarin fuka ne kan gaba wajen tara ruwa a jakar zuciya, sai a sa shi a gidan "wanda ta fi kamawa". Haka mai sikila da ya zo da zazzaɓi, tari da ciwon ƙirji, ya cancanci layi nasa na kansa daf da waɗancan shidan. Idan kuma takardu biyu suka saɓa a kan wani adadi, ba a zaɓar wadda ta fi daɗin hadda. A duba littafin da sashen ya amince da shi, ko a tambayi malamin.

Jadawali na da iyaka, kuma ya kamata a rubuta ta a ƙasan takardar. Mai ciwon suga, tsoho, da mata da dama kan yi bugun zuciya ba tare da ciwon da littafi ya siffanta ba, sai kasala, tashin zuciya ko zafi a saman ciki, har a sallame su da maganin olsa. Isiji na farko ma yana iya fitowa lafiya lau, shi ya sa ake maimaita shi, a haɗa da gwajin jini na turofonin bayan wasu awanni. Tsagewar jijiya ita ma ba kullum take nuna bambanci tsakanin hannaye ba, don haka rashin alamar ba ya soke layin.